Hoto Sittin a Kan Raunanniyar Sabis: Yadda Ake Rage Girman Hotuna da Nauyinsu a Lokaci Guda

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fadamar Argungu da yamma yana ɗaga waya sama domin hoto guda ya tafi ya san cewa ɗaukar hoto abu ne mai sauƙi, aika shi ne jan aiki. A ɗauki misalin malamin gona da ƙungiyar manoman shinkafa ta ɗora wa alhakin zagaya gonakin rani, ya ɗauki hoton kowace gona, ya ɗauki hoton takardun rajista masu ɗauke da sunaye da lambobin waya, sannan ya ɗora su duka a shafin da ofishin Birnin Kebbi ya tanada. Ya dawo masauki da hoto 60, wato 48 na gonaki da 12 na takardu. Hoton waya ƙananan ɗigo ne suka haɗu suka tayar da shi, kuma wayarsa tana fitar da hoto mai faɗin ɗigo 4000 da tsayin ɗigo 3000, ɗigo miliyan 12 ke nan, kuma nauyin kowane fayil yana kusa da megabait 4. Jimlar abin da zai ɗora ta kama megabait 240.

Kafin a je ga magani, yana da kyau a yi lissafin lokacin da wannan zai ci, domin a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Ana auna nauyin fayil da bait, amma ana auna gudun sabis da bit, kuma bait ɗaya bit takwas ne. Hoto mai megabait 4 yana nufin kilobit 32,000. Idan gudun ɗorawa a wurin kilobit 200 ne a daƙiƙa, wanda ba baƙon abu ba ne a ƙauyen da ke nesa da turken sabis, hoto ɗaya zai ci daƙiƙa 160, sittin ɗin kuma za su ci awa biyu da minti arba'in. Wannan ma idan sabis ɗin bai yanke ba ne ko sau ɗaya. Kuma ɗorawa ta fi saukewa wahala, saboda turken yana aiko da saƙo da ƙarfi mai yawa, alhali waya tana mayar da nata da ɗan ƙarfin da batirinta zai iya bayarwa. Shi ya sa mutum zai iya kallon ɗan bidiyo ba tare da matsala sosai ba, amma hoto ɗaya ya gagare shi aikawa daga wuri guda.

Akwai abin da ya fi tsawon lokacin muni, wato yankewa. Shafuka da yawa ba sa ci gaba daga inda ɗorawa ta tsaya, daga farko suke sake ɗauka. Idan sabis ɗin yana ɗaukewa kusan kowane minti biyu, fayil ɗin da yake bukatar daƙiƙa 160 zai yi ta mutuwa a hanya, datar da ya ci kuma ta tafi a banza, alhali fayil mai bukatar daƙiƙa 14 zai samu ya kutsa tsakanin yankewa da yankewa. Don haka amfanin rage nauyi ya wuce saurin da lissafi yake nunawa. Sau da yawa shi ne bambanci tsakanin aikin da ya kammala da wanda ba zai taɓa kammaluwa ba.

Abubuwa biyu ne ake iya yi wa hoto, kuma bai kamata a haɗa su ba ko da yake a baki duka «ragewa» ake ce musu. Na farko rage girma, wato rage yawan ɗigon da suka haɗu suka zama hoton. Na biyu matsewa, wato barin yawan ɗigon yadda yake amma a adana bayaninsu da ƙarancin daidaito. A nan zan riƙa cewa girma idan ina nufin faɗi da tsayi, in ce nauyi idan ina nufin kilobait. Ra'ayina shi ne girma ya kamata a fara taɓawa, domin a can mafi yawan ribar take, kuma asararsa ce ido ya fi jurewa. Idan aka mayar da hoto daga 4000 da 3000 zuwa 1600 da 1200, gefe guda ya ragu sau biyu da rabi ne kawai, amma yawan ɗigo ya sauka daga miliyan 12 zuwa miliyan 1.92, kashi 16 cikin ɗari na asali. Jami'in da zai duba hoton a Birnin Kebbi yana zaune gaban allon kwamfuta wanda faɗinsa galibi ɗigo 1366 ne ko 1920. Ko an aika masa da miliyan 12 ɗin, kwamfutarsa za ta ƙanƙanta hoton kafin ta nuna masa, don haka ɗigon da malamin gona ya sha wahalar ɗorawa ba su taɓa isa idonsa ba.

Matsewa kuwa tana bukatar ɗan bayani kan yadda tsarin JPEG yake aiki, tsarin da aka tsayar a 1992 kuma har yau shi ne mafi yawan wayoyi suke amfani da shi. JPEG yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo takwas a faɗi takwas a tsayi. A cikin kowane gida yana ware sauyin haske mai tafiya a hankali, kamar na sararin sama, daga sauyi mai kaifi, kamar gefen ganye ko bakin harafi, sannan ya taƙaita lissafin masu kaifin ko ya zubar da su. Lambar inganci da ake ba shi ita take faɗa masa yawan abin da zai zubar. Wannan lambar ba kaso cikin ɗari ba ce: inganci 80 ba ya nufin an bar kashi 80 na hoton. Ma'auni ne kawai, kuma tafiyarsa ba daidai take ba. Daga 95 zuwa 80 nauyi yana faɗuwa sosai ba tare da ido ya ga bambanci ba, amma daga 60 zuwa ƙasa abin da ake samu kaɗan ne, ɓarnar kuma tana fitowa fili.

Daga wannan bayanin ake gane wani abu da yake ba sababbin masu aikin mamaki. Hotuna biyu masu girma ɗaya da inganci ɗaya ba sa fitowa da nauyi ɗaya. Hoton gonar shinkafa da ta yi shar, inda kowane lungu ganye ne siriri yana ƙetare ɗan'uwansa, cike yake da sauyi mai kaifi, don haka ba ya matsuwa da sauƙi. Hoton gonar da aka share ba a dasa ba, ruwa kwance da sama a samansa, zai iya fitowa da rabin wannan nauyin ko ƙasa da haka. Saboda haka idan na ce hoton gona mai gefe 1600 da inganci 80 yana kama kilobait 350, tsaka-tsaki nake nufi, wani zai haura wani zai gaza.

Yin wannan da hannu ga hoto sittin aiki ne na dare guda, kuma hannu yana mantuwa. Nan ne rubutaccen umarni yake shigowa, wato 'yar ƙaramar manhaja da za ta bi folda fayil bayan fayil ta yi wa kowanne abu iri ɗaya. Ga yadda take da harshen Python da ɗakin kayan aikin hoto mai suna Pillow:

```python
from pathlib import Path
from PIL import Image, ImageOps

asali, sabo = Path("asali"), Path("sabo")
sabo.mkdir(exist_ok=True)

for f in sorted(asali.iterdir()):
    if f.suffix.lower() not in (".jpg", ".jpeg", ".png"):
        continue
    hoto = ImageOps.exif_transpose(Image.open(f))
    bayani = hoto.info.get("exif", b"")
    hoto = hoto.convert("RGB")
    hoto.thumbnail((1600, 1600))
    hoto.save(sabo / (f.stem + ".jpg"),
              quality=80, optimize=True, exif=bayani)
```

Layukan ba su da yawa, amma kusan kowanne an sa shi ne saboda wata ɓarna da ke faruwa idan babu shi. Na farko shi ne folda biyu. Manhajar tana karantawa daga `asali` tana rubutawa a `sabo`, ba ta taɓa hoton farko. Dalili shi ne abin da JPEG ya zubar ba ya dawowa, haka ma ɗigon da aka rage. Idan gobe ofis ya ce yana son ganin wata gona da kyau saboda ana zargin cuta a ganyenta, dole a koma ga hoton asali, in kuwa an rubuta ƙarami a kansa, sai dai a sake hawa babur a koma fadama. Haka kuma idan aka ga sakamakon bai yi ba, daga asali ake sake farawa, ba daga wanda aka riga aka matse ba, domin kowace matsewa tana ɗora tata ɓarnar a kan ta baya.

Umarnin `thumbnail` yana da halaye biyu da suka sa ya fi `resize` dacewa da wannan aiki. Yana kallon lambobin da aka ba shi a matsayin akwatin da hoton zai shiga, don haka hoton kwance ya zama 1600 da 1200, na tsaye ya zama 1200 da 1600, babu wanda aka miƙe ko aka danne. Kuma ba ya ƙara wa ƙaramin hoto girma. Wanda ya yi amfani da `resize` ya ba shi lambobi biyu kai tsaye zai ga manomin da aka ɗauka a tsaye ya fito gajere mai faɗi kamar an zauna masa a kai. Shi kuwa `convert("RGB")` yana nan ne saboda hotunan allo da ake adanawa a PNG, waɗanda sukan zo da sashen da ke nuna inda hoton yake fayau. JPEG bai san wannan ba, kuma idan ba a juya ba manhajar za ta tsaya da saƙon `cannot write mode RGBA as JPEG`. An kuma sa `lower()` domin wasu kyamarori suna rubuta ƙarshen suna da manyan baƙaƙe, kuma ba tare da shi ba za a tsallake hotunansu shiru.

Wurin da ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne layuka biyun da suka ambaci `exif`. A cikin kowane hoton waya akwai wani ɗan ɓoyayyen sashe mai suna EXIF, inda kyamara take rubuta ranar ɗauka da lokaci, sunan waya, wurin da aka tsaya idan an kunna GPS, da kuma yadda aka riƙe wayar. Wannan na ƙarshen shi ne tarkon da kusan kowa yake faɗawa a karon farko. Wayoyi da yawa ba sa juya ɗigon hoto idan an ɗauka a tsaye. Suna adana shi a kwance yadda idon kyamara ya gan shi, sai su rubuta lamba daga 1 zuwa 8 da ke gaya wa mai nunawa yadda zai juya shi, misali 6 tana nufin a juya shi kwata guda zuwa dama. Pillow kuma ba ya kwafe EXIF zuwa sabon fayil sai an ce masa ya yi. Sakamakon haka, wanda ya rage hoto ya adana ba tare da lura ba zai tarar da duk hotunan tsaye sun kwanta a gefe, domin lambar da ke tayar da su ta ɓace. Umarnin `exif_transpose` yana juya ɗigon da gaske, sannan ya cire lambar juyawa daga bayanin, domin kada wata manhaja ta sake juya hoton da ya riga ya miƙe. Alamar wannan cuta a bayyane take: idan hotunan kwance sun fito daidai amma na tsaye duk sun kwanta, ba sai an nemi wani dalili ba.

Sauran bayanin na EXIF kuwa, ko a riƙe shi ko a zubar, hukunci ne da mai aikin zai yanke da kansa, manhaja ba za ta yanke masa ba. Ga malamin gonarmu, wurin da aka tsaya da ranar ɗauka su ne rabin darajar hoton, domin su ne shaidar cewa gonar da aka ce tana kusa da Augie can take, kuma a wannan makon aka je. Koren shinkafa iri ɗaya ne ko'ina, hoton da aka cire masa wuri da rana ba ya tabbatar da komai. Ranar da kwamfuta take nunawa a gefen sabon fayil ma ba za ta taimaka ba, tunda ita ranar da manhajar ta yi aiki ce. Shi ya sa aka ɗauko `bayani` aka mayar da shi wajen adanawa. Nauyinsa bai taka kara ya karya ba, a tsarin JPEG sashen EXIF ba ya wuce kilobait 64. Amma a ɗauki wata mata a Gusau da take ɗaukar hoton atamfa da turaren wuta a tsakar gidanta tana ɗorawa domin masu saye. A wurinta wannan bayanin taswirar ƙofar gidanta ce, kuma daidai shi ne a cire `exif=bayani` gaba ɗaya. Manhaja ɗaya ce, bambancin kalma biyu ne, amma abin da ya zama wajibi ga ɗaya haɗari ne ga ɗayar.

A nan ne kuma amsar tambayar da ake yawan yi take, cewa me ya sa ba za a tura hotunan ta WhatsApp kawai ba tunda shi ma yana ragewa. Gaskiya ne yana ragewa, amma da nasa ma'aunin, kuma idan an aika a matsayin hoto yana cire EXIF. Idan an aika a matsayin takarda bayanin yana tsira, sai dai fayil ɗin yana tafiya da cikakken nauyinsa. Wanda yake son ƙaramin fayil mai ɗauke da wuri da rana dole ya rage da kansa kafin ya aika. Haka nan tattara hotuna a fayil ɗin ZIP ba ya rage komai na a zo a gani, domin JPEG ya riga ya matsu, kuma sauya lambar ɗigo a inci daga 300 zuwa 72 ba ya taɓa nauyi ko kaɗan muddin yawan ɗigon bai sauya ba.

Yanzu a koma ga takardu 12 ɗin nan, domin su ne suke nuna iyakar amfani da lamba ɗaya ga kowane hoto. Tsayin takardar A4 milimita 297 ne. Mai ɗaukar hoto ba ya cika cika allon da takardar, a ce ta ɗauki kashi uku cikin huɗu na tsayin hoton, sauran tabarma ce ko teburi. Idan aka rage dogon gefe zuwa 1600, takardar ta samu ɗigo 1200, wato kusan ɗigo huɗu a kowace milimita. Lambar wayar da sakataren ƙungiya ya rubuta da biro a ƙaramin layi, mai tsayin milimita uku, za ta samu ɗigo 12 ke nan. Idan aka tuna cewa JPEG yana aiki da gidaje masu ɗigo takwas yana kuma zubar da sauyi mai kaifi, za a ga cewa abin da ya raba 3 da 8, ko 1 da 7, yana cikin abin da ake zubarwa. Hoton zai yi kyau idan an kalle shi gaba ɗaya, sai an zuƙo kan lambar ne za a ga wata ƙura-ƙura ta kewaye baƙaƙen, bakinsu ya narke. Lambar waya guda da aka karanta ba daidai ba tana iya sa a kira wani mutum dabam ranar rabon taki.

Maganin shi ne a raba takardu a tasu folda a ba su gefe 2400 da inganci 85. A wannan girman lambar tana samun ɗigo 18, kuma da yake mafi yawan hoton farar takarda ce mai matsuwa da sauƙi, nauyin yakan tsaya wajen kilobait 600. Idan akwai jan biro ko hatimi mai launi, akwai wani ƙarin abu. JPEG yakan adana bayanin launi da rabin daidaiton da yake adana na haske, a faɗi da kuma a tsayi, saboda idon mutum ya fi kula da haske. A hoton gona babu mai lura, amma siririn jan rubutu yakan yi kamar ya jiƙe ya bazu. Ƙara `subsampling=0` a layin adanawa yana hana wannan, da ɗan ƙarin nauyi. Abin da ya fi duk waɗannan arha kuwa shi ne a matso da waya lokacin ɗauka har takardar ta cika allo, a inuwa mai haske, domin ɗigon da aka kashe a kan tabarma ba ya karanta wa kowa komai.

Idan aka haɗa lissafin, hoton gona 48 a kilobait 350 sun ba da megabait 16.8, takardu 12 a kilobait 600 sun ba da 7.2, jimla megabait 24. Kashi ɗaya cikin goma ke nan na 240 da aka fara da shi. A gudun kilobit 200, awa biyu da minti arba'in sun koma minti 16, kowane hoton gona yana tafiya cikin daƙiƙa 14, kowace takarda cikin 24. Za a iya matsawa ƙasa da haka, a sauko gefe 1000 da inganci 60 a samu minti biyar ko shida, amma ban ga hikimar hakan ba. Daga awa biyu da minti arba'in zuwa minti 16 an riga an ci ribar da ke sauya aikin, minti goman da suka rage ba su kai a sayar da karantuwar hoton dominsu ba.

Wani lokaci shafin da ake ɗorawa ne yake kafa iyaka, ya ce ba ya karɓar fayil da ya wuce kilobait 300. Tunda an ga cewa inganci ɗaya ba ya ba da nauyi ɗaya, hanyar da ta dace ita ce manhajar ta riƙa gwadawa tana saukowa har ta shiga ƙarƙashin iyakar. A nan `fita` shi ne fayil ɗin da ake rubutawa, wato `fita = sabo / (f.stem + ".jpg")`:

```python
for inganci in range(85, 55, -5):
    hoto.save(fita, quality=inganci, optimize=True, exif=bayani)
    if fita.stat().st_size <= 300_000:
        break
```

Kowane gwaji yana tashi ne daga hoton da ke riƙe a ƙwaƙwalwar na'ura, ba daga fayil ɗin da aka rubuta a gwajin baya ba, don haka ɓarna ba ta taruwa. An tsayar da saukowar a 60 da gangan. Idan gonar ta yi duhun ganye har 60 bai isa ba, abin da ya kamata shi ne a rage girma zuwa 1280 a sake gwadawa, domin ƙaramin hoto mai tsabta ya fi babba wanda gidajen JPEG suka fito a fuskarsa kamar zanen tabarma.

Ba dole sai da kwamfuta ba. A wayar Android ana iya sa manhajar Termux, a ba ta izinin shiga ma'ajiyar waya da umarnin `termux-setup-storage`, daga nan hotunan kyamara su bayyana a `~/storage/dcim`. Wanda ba ya son Python zai iya yin kusan duk aikin da manhajar ImageMagick a layi ɗaya, bayan ya shiga foldar `asali` ya ƙirƙiri foldar `sabo` a cikinta:

```
mogrify -path sabo -auto-orient -resize "1600x1600>" -quality 80 *.jpg
```

Wannan layin gajere ne, amma yana da kaifi biyu. Idan aka manta da `-path sabo`, umarnin zai rubuta ƙananan hotunan a kan na asali ba tare da ya tambayi kowa ba, kuma babu hanyar dawowa. Alamar `>` kuma tana nufin a rage babba kawai kada a ƙara wa ƙarami, amma dole ta kasance a cikin alamun zance, in ba haka ba na'urar za ta ɗauke ta a matsayin umarnin juya sakamako zuwa wani fayil, aikin ya watse. Saɓanin Pillow, ImageMagick yana barin EXIF a cikin hoton sai an ce masa `-strip`, don haka mai sayar da atamfa ita ce za ta ƙara kalma a nan, malamin gona kuwa ya bar layin yadda yake. Sauke waɗannan kayan aiki kansa yana cin data, gara a yi shi a gari inda sabis yake da ƙarfi kafin a fita.

Saura dubawa kafin ɗorawa, wanda minti biyu ne amma ake yawan tsallakewa. Abu na farko ƙirga ne: hoto 60 suka shiga, 60 ya kamata su fito. Idan 41 suka fito, akwai yiwuwar manhajar ta ci karo da fayil da ya lalace wajen kwafewa daga katin waya, ta tsaya a nan da saƙon `image file is truncated`, sauran kuma ba ta kai gare su ba. Idan ta kammala lafiya amma adadin ya gaza, a duba ƙarshen sunayen, domin wayoyin iPhone da wasu na Android suna adanawa a tsarin HEIC, wanda manhajar da ke sama take tsallakewa, kuma Pillow ba ya buɗe shi sai an ƙara masa `pillow-heif`. Bayan ƙirga sai a buɗe hoto uku kawai: ɗaya na tsaye domin a ga bai kwanta ba, ɗaya na gona a duba cikakken bayaninsa a ga wuri da rana suna nan, sai takardar da rubutunta ya fi ƙanƙanta, a zuƙo kan layin ƙarshe inda hannun sakatare ya gaji, a karanta lambar wayar da ke wurin a gwada ta da wadda ke jikin takardar. Idan ta karantu ba tare da zato ba, a ɗora. Idan sai an yi zato, a koma foldar `asali` a ɗaga gefen takardun zuwa 2800 a sake sakin manhajar a kansu su kaɗai.